Miƙe hoton da ya karkace da yanke kusurwoyin da juyi ya bari

Hoton da layin nesa ya karkace a cikinsa, wato layin da sama ta haɗu da ruwa ko ƙasa, gyara biyu yake buƙata, kuma na biyun ne ke cin dukiya. Juya hoto aikin daƙiƙa biyar ne. Amma da zarar ka juya shi, gefunansa huɗu sun daina daidaita da firam, sai wasu siraran alwatika marasa komai su bayyana a kusurwoyi. Ba ka iya kawar da su ba tare da ka haɗa da wani ɓangare na hoton ba, kamar dai tela da aka kawo wa yadin da aka yanka a karkace: kafin ya fitar da murabba'i mai kyau, dole ya zubar da ƙyalle a kowane gefe. Saboda haka gyaran da ya dace shi ne ka auna karkacewar daidai, ka juya sau ɗaya, sannan ka san abin da yankan zai ci tun kafin ka yanka.

Hoto ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe. An ɗauke shi a bakin teku da kyamara mai megafiksel 24, faɗinsa fiksel 6000, tsawonsa 4000. Akwai kwale-kwalen masunta a kan yashi, hancinsa na kusa da gefen hagu, fiksel 120 kacal tsakaninsa da bakin hoton, a wajajen tsakiyar tsawo. Teku kuwa ta zube wajen dama, kamar ruwan zai tsiyaye daga hoton. A nan gaba zan riƙa kiran layin da sama ta haɗu da ruwa "layin mahaɗa".

Wane layi za ka amince da shi

Yawancin hotunan da aka "gyara" suka ƙara lalacewa, a nan aka kuskure. Mutum ya ga wani layi mai tsawo, ya ɗauka shi ne miƙaƙƙe, ya daidaita hoton duka da shi, alhali layin ne da kansa a karkace.

Layin mahaɗa na gaskiya shi ne inda sama ta taɓa ruwan da ba a ganin ƙarshensa, kamar a teku. Wannan ba ya ƙarya. Fili mai faɗi wanda ya shimfiɗu har iyakar gani yana kusa da haka. Amma gaɓar da ke tsallaken kogi ko dam wani abu ne dabam. Idan ka tsaya a bakin Kwara ko a Dam ɗin Tiga ka ɗauki ɗaya gaɓar, kuma gaɓar tana nesantarka ta dama, za ta fito tana hawa sama ta dama a hoton ko da kyamararka a miƙe take sarai. Nisa ne ya ɗaga ta, ba karkacewa ba. Haka gefen titi, haka saman katangar da ka ɗauka daga gefe.

Idan babu layin mahaɗa na gaskiya, koma kan abin da ke tsaye. A bakin ruwa mai kwanciya akwai dabara mai kyau: saman bishiya da inuwarta da ke cikin ruwa suna kan layi ɗaya a tsaye, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ja layi daga tsinin bishiyar zuwa tsinin hotonta a ruwa, wannan layin shi ne tsayuwa ta gaskiya. Igiyar guga da ke rataye a rijiya, ko duk abin da nauyi ya ja ƙasa, shi ma haka.

Gine-gine suna taimakawa, amma da sharaɗi biyu. Na farko, zaɓi kusurwar gini ko bakin ƙofa da ke kusa da tsakiyar hoton. Idan an ɗaga kyamara sama yayin ɗauka, layukan da ke gefe suna jinginowa ciki, na hagu ya karkata dama, na dama ya karkata hagu, na tsakiya ne kawai ke tsaye daidai. Na biyu, kada ka dogara da ginin ƙasa na gargajiya. Katangar ƙasa ta fi kauri a gindi, tana sirancewa yayin da take hawa, don haka gefenta ba a tsaye yake ba tun daga hannun magini. Hasumiyar masallacin Agadas misali ce a fili: duk gefunanta suna tsukewa zuwa sama. A irin wannan gini sai ka ƙiyasta layin da ya ratsa tsakiyarsa daga gindi zuwa tsini. Falwayar lantarki kuwa kada ma ka kalle ta, kaɗan ne daga cikinsu ke tsaye daidai.

Akwai abu ɗaya da za ka yi kafin aune. Gilashin kyamara mai ɗauko fili da yawa yakan lanƙwasa layukan da ke kusa da gefe, sai layin mahaɗa ya fito kamar baka. Layi mai lanƙwasa ba shi da karkacewa guda ɗaya: idan ka auna rabin hagu ka sami wani adadi, rabin dama ya ba ka wani. A Lightroom ka kunna `Enable Profile Corrections` a ƙarƙashin `Lens Corrections` tukuna, sannan ka auna. Wannan gyaran yana ɗan motsa gefunan hoton, shi ya sa yake zuwa kafin juyi da yanka.

Auna karkacewar

Zuƙo hoton zuwa 100%, ka nemi wuri biyu a kan layin mahaɗa masu nisa da juna gwargwadon hali. Nisan yana da dalili. Idan hannunka ya kauce da fiksel 3 a kan layi mai tsawon fiksel 500, ka yi kuskuren kusan sulusin digiri. Wannan kaucewar a kan layi mai tsawon 5000 ba ta kai digiri 0.04 ba.

A hotonmu, a hagu inda `x` yake 400, layin yana `y` 1480. A dama inda `x` yake 5600, yana `y` 1662. A manhajojin hoto adadin `y` yana ƙaruwa ne yayin da kake sauka ƙasa, don haka dama ce ta yi ƙasa, da fiksel 182 a cikin tazarar 5200.

```
atan(182 / 5200) = atan(0.035) ≈ 2.0°
```

Digiri 2 ke nan, kuma tunda dama ce ta faɗi, dama za a ɗaga, wato a juya hoton saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Domin ka riƙa ƙiyasi da ido: a hoto mai faɗin 6000, digiri 1 yana sa gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa da kusan fiksel 105, digiri 0.1 kuma kusan fiksel 10. A hoton teku, inda layin yake a fili kuma kusa da bakin firam, rabin digiri ma ido yana kama shi.

Ba sai ka yi lissafin da hannu kullum ba, manhajoji suna da abin awo. A Lightroom Classic danna `R`, ka ɗauki abin awon da ke kusa da `Angle`, ka ja shi a kan layin. A Photoshop danna `C`, sannan `Straighten` a sandar sama. A GIMP, daga jerin 2.10, abin awo na `Measure` da ake kira da `Shift+M` yana da maɓallin `Straighten`. A darktable kana jan layin da maɓallin dama na linzami a cikin `rotate and perspective`. Maɓallin `Auto` na Lightroom yana aiki idan layin a bayyane yake, amma yana iya kama rufin kwano ko gaɓar kogi ya ɗauka su ne mahaɗa, don haka duba adadin da ya bayar kafin ka karɓa.

Juya sau ɗaya

Juyin da ba na digiri 90 ko 180 ba yana tilasta wa manhaja ta sake ƙirƙirar kowane fiksel daga maƙwabtansa, domin tsofaffin fiksel ba sa faɗawa daidai kan sabbin gurabe. Sau ɗaya, laushin da wannan ke kawowa kaɗan ne. Amma wanda ya juya digiri 1.5, ya ga bai isa ba ya ƙara 0.8, ya ga ya wuce ya rage 0.3, ya sake ƙirƙirar hoton sau uku, kuma gashin kai, zaren taru da ƙwayar yashi su ne za su fara dusashewa. Idan juyi bai yi ba, koma baya da `Ctrl+Z` ka sa sabon adadi a kan hoton asali.

Lightroom da darktable ba su da wannan matsalar, domin ba sa taɓa fayil ɗin asali, umarni kawai suke ajiyewa su aiwatar sau ɗaya lokacin fitarwa. A Photoshop cire alamar `Delete Cropped Pixels`, don abin da ka yanke ya zauna a ɓoye, ka iya dawo da shi. A GIMP juyi yana zama a kan fiksel nan take, sai ka yi aiki a kan kwafi, ka sa `Interpolation` a `Cubic` ko `NoHalo`. Kada ka bar shi a `None`, domin layuka za su fito da haƙora kamar zarto.

Abin da kusurwoyin ke ci

Bayan an juya hotonmu digiri 2, akwatin da zai ɗauke shi duka ya zama kusan 6136 × 4207, da alwatika huɗu marasa komai. Biyu dogaye ne: ɗaya ta bi saman hoton, kaurinta fiksel 209 a kusurwar hagu ta sama, tana sirancewa har ta ƙare a dama, ɗayar kuma ta bi ƙasa, kaurinta a kusurwar dama. Sauran biyun sun bi gefen hagu da na dama, kaurinsu fiksel 140.

Idan kana son hoton ya ci gaba da zama a rabonsa na asali, wato 3:2, ga yadda ake samun girman yanka mafi girma da babu kusurwa a ciki. `W` shi ne gefe mai tsawo, `H` gajeren, `a` digirin juyi, `s` kuma adadin da za a ninka kowane gefe da shi:

```
s = 1 / (cos a + (W / H) × sin a)
s = 1 / (0.99939 + 1.5 × 0.03490) = 0.9508
6000 × 0.9508 ≈ 5704      4000 × 0.9508 ≈ 3803
```

Kowane gefe ya ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari, amma faɗin filin hoton gaba ɗaya ya ragu da kashi 9.6. Megafiksel 24 ya koma 21.7. Mutane da yawa suna mamakin wannan, don digiri 2 a baki ba wani abu ba ne. A hoto mai rabon 3:2, digiri 1 yana cin kashi 5 na filin, digiri 3 kusan kashi 14, digiri 5 kashi 21, digiri 10 kuwa ya haura sulusi. Kuma gwargwadon yadda hoto ya fi tsawo da siranta, gwargwadon asararsa: a digiri 2 ɗin nan, hoton waya mai rabon 4:3 yana rasa kashi 8.6, mai rabon 16:9 kuma kashi 11.2.

Ta fuskar bugawa wannan asarar ba ta cika zama damuwa ba. Takardar A3 a kan fiksel 300 kowane inci tana buƙatar 4961 × 3508, hotonmu kuma bayan yanka ya fi haka. Abin damuwar shi ne abin da ke zaune a gefe.

Asarar ba ta rabu daidai a kewayen hoton ba, kuma wannan ne ya kamata ka fahimta sosai. Idan aka ajiye yankan 5704 × 3803 a tsakiya, a gefen sama ba a rasa komai a hagu ba, domin kusurwar yankan tana taɓa bakin hoton a can, amma a dama an rasa kusan fiksel 199. A gefen hagu an rasa kusan 216 a sama, 149 a tsakiya, 83 a ƙasa. Gefen ƙasa da na dama haka suke amma a juye. To hancin kwale-kwalenmu yana fiksel 120 daga hagu, a tsakiyar tsawo, inda yanka ke cin 149. Idan ka bar manhaja ta yanka da kanta, za ta datse masa hanci. A hoton taron biki irin wannan ne ke cin kafaɗar wanda ke ƙarshen layi, ko saman ɗaurin ɗankwalin wadda ta tsaya a kusurwa.

Ceto abin da ke gefe

Yankan mai rabon 3:2 ya matse sama da ƙasa, ba shi da inda zai motsa ta can. Amma hagu da dama akwai sarari, kusan fiksel 166, wanda manhaja ke raba shi biyu, 83 a kowane ɓangare, idan ta ajiye yankan a tsakiya. Wannan sararin naka ne, kana iya tura shi duka gefe ɗaya.

Da farko rage yankan kaɗan. Fiksel ɗin da ke bakin hoton da aka juya gauraye suke da launin bango, rabi hoto rabi fanko, kuma idan ka yanka daidai kan adadin lissafi sukan bar wani siririn zare fari ko baƙi a kusurwa. Maimakon 5704 × 3803 ɗauki 5694 × 3796, wanda shi ma 3:2 ne cif, ya kuma bar fiksel uku zuwa huɗu na kariya sama da ƙasa. Sannan tura shi hagu da fiksel 80. Lura da cewa hoton da ke ƙarƙashi a karkace yake yanzu, bakinsa na sama yana gangarowa ta hagu, don haka duk tafiyar fiksel 80 hagu sai ka sauko da fiksel 3, in ba haka ba kusurwar hagu ta sama za ta kusa leƙa fanko. Da wannan, abin da aka ci a tsakiyar gefen hagu ya koma kusan 75, hancin kwale-kwale ya tsira da sararin fiksel 45 a gabansa. Gefen dama ne ya biya, kuma a hotonmu ruwa ne kawai a can.

Idan rabon hoton bai dame ka ba, misali ba firam aka riga aka saya ba, kana iya sakin rabon ka ɗauki fili mafi girma:

```
w = (W cos a − H sin a) / cos 2a ≈ 5871
h = (H cos a − W sin a) / cos 2a ≈ 3797
```

Nan asarar ta sauko zuwa kusan kashi 7, kuma kusurwoyin yankan huɗu duk suna taɓa bakin hoton, don haka shi ma a rage masa 'yan fiksel. Wannan lissafin na ƙananan juyi ne irin na gyaran mahaɗa, ba na juyi mai yawa ba. Amma ka tuna mai buga hoto: takardar inci 4 × 6 rabonta 3:2 ne, idan ka kai masa 5871 × 3797 injinsa zai yanke gefe yadda ya ga dama, ko ya bar farin layi. Gara ka yanke da hannunka. Idan kuma ka san a rabon 5:4 ko murabba'i za a yi amfani da hoton, sa wannan rabon tun a wannan matakin, domin yanka mai gajeren faɗi yana samun ɗan ƙarin tsawo da kuma sarari mai yawa na matsawa hagu ko dama.

A kan manhaja

Lightroom, da `Rotate` na Snapseed, da abin gyaran hoto na yawancin wayoyi suna tsuke firam ɗin da kansu yayin da kake juyawa, ba za ka ma ga kusurwoyin ba. Sauƙi ne, amma yana ɓoye maka abin da ake ci. Bayan juyi, idan manhajar ta ba da dama, ja hoton a cikin firam ɗin zuwa gefen da kake son ceto, manhajar za ta tsaya da kanta idan ka kai baki. A Lightroom tabbatar makullin da ke kusa da `Aspect` a rufe yake idan kana son rabon ya zauna. Wani abu da ke faruwa a can: idan ka juya da yawa sannan ka dawo da adadin baya, firam ɗin yana iya zama a tsuke, don haka duba ko akwai sararin da za ka sake buɗe shi.

A GIMP komai a hannunka yake. Kafin juyi ka shiga `Layer > Transparency > Add Alpha Channel`, don kusurwoyin su fito a matsayin fanko mai ɗigon dara, kada su cike da launin bango. Zaɓin `Clipping` shi ke faɗin abin da zai faru da gefuna: `Adjust` yana riƙe hoton duka da kusurwoyinsa, `Crop to result` yana yanke fili babba ba tare da kula da rabo ba, `Crop with aspect` yana yankewa a rabon asali. Biyun ƙarshe `Layer` kawai suke yankewa, allon da ke ƙarƙashi yana nan da girmansa, sai ka bi da `Image > Fit Canvas to Layers`. A hoto irin namu mai abu a gefe, zaɓi `Adjust`, ka daidaita allon da wannan umarnin, sannan ka ɗauki abin yanka da `Shift+C`, ka rubuta girman a `Size`, ka matsar da shi inda kake so.

Mai aiki da ImageMagick yana iya yin duka a umarni ɗaya. A can adadi mai alamar ragi yana juyawa saɓanin agogo:

```
magick asali.jpg -auto-orient -background red -rotate -2 +repage \
  -gravity center -crop 5694x3796-80+3 +repage -quality 95 gyararre.jpg
```

Jan bangon da gangan aka sa shi: idan kusurwa ta rage, ja ba ya ɓuya. `+repage` na farko kuma ba ado ba ne, idan ka manta shi yankan zai iya auna wurinsa daga tsohon allo ya sauka inda ba ka nufa ba.

Idan yanka zai ci abin da ba a iya rasawa

Wani lokaci lissafi ba ya bayarwa: kan mutum yana fiksel 60 daga saman hoton a daidai kusurwar da za ta rasa 199. Hanya biyu suka rage.

Ta farko ita ce cike kusurwar maimakon yanke ta. `Content-Aware` na Photoshop, da zaɓin `Smart` a cikin `Perspective` na Snapseed, suna kwafo abin da ke kusa su toshe gurbin. A sararin sama, yashi, ruwa ko bango mai launi ɗaya, alwatika mai kaurin fiksel 100 ko 200 tana cikewa ba a gane ba. A kan tayil, tagogi, rubutun allo, zanen atamfa ko jikin mutum kuwa tana fallasa kanta: layi ya karye, fure ɗaya ya fito sau biyu. Mafi kyau a haɗa hanyoyin, a yanke kusurwoyi ukun da ba su da abin so, a cike ɗayar kawai. Hoton labarai, na shaida ko na ajiyar tarihi ba a cike shi, domin abin da aka cike ba kyamara ce ta gan shi ba. A can yanka kawai ya halatta.

Ta biyu ita ce rage juyin, kuma wannan ya dogara da irin hoton. A cikin kasuwa ko ɗaki, inda babu dogon layi da ido zai gwada da bakin firam, gyara digiri 1.5 daga cikin 2 yakan wadatar. A teku ba ya yiwuwa. Rabin digirin da ya rage zai bar bambancin fiksel 52 tsakanin gefe da gefe, kuma ruwa mai gangara kowa yana ganinsa.

Akwai kuma matsalar da juyi ba ya magancewa ko kaɗan. Idan ka miƙe gefen hagu na gini sai na dama ya ƙara karkacewa, ka miƙe na dama na hagu ya faɗi, to kyamarar an ɗaga ta sama ne ko an ɗauka daga gefe. Wannan aikin `Transform` ne a Lightroom ko `Perspective` a GIMP da Snapseed, kuma kusurwoyin da yake bari sun fi na juyi girma.

Dubawa kafin ajiyewa

Jawo layin jagora daga ma'aunin da ke saman allo, a Photoshop ko GIMP, ka ɗora shi kan layin mahaɗa, ka duba ƙarshen hagu da na dama a 100%. Bambancin fiksel 5 a faɗin 5694 bai kai digiri 0.06 ba, ka bar shi haka. Idan tsakiyar layin ta ɗago sama da jagorar alhali ƙarshen biyu suna kanta, lanƙwasar gilashi ce ba ka gyara ba, sai a koma matakin farko.

Sannan zuƙo kusurwoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya zuwa 200% ko fiye. A hotonmu, hagu ta sama da dama ta ƙasa su ne suka fi kusa da fanko, sai hagu ta ƙasa tunda mun tura yankan can. Farin zare mai kaurin fiksel 2 ba ya ganuwa a kan farin allon manhaja, amma yana fitowa ƙarara idan aka buɗe hoton a waya mai baƙin bango. Fankon da bai cike ba kuma, JPEG ba ya iya riƙe shi, zai mai da shi wani launi lokacin ajiyewa.

Ƙara kaifi, duhunta gefuna don ado, rubutu da tambarin mai hoto duk bayan yanka suke zuwa. Tambarin da aka sa kafin juyi zai karkace da digiri 2 ɗin, wataƙila ma yanka ya ci rabinsa. Ka ajiye da sabon suna, a inganci 90 zuwa 95 idan JPEG ne, ka bar fayil ɗin asali yadda yake, domin ranar da aka nemi hoton a wani rabo daga asalin za ka sake juyawa, ba daga wanda aka riga aka yanka ba.

A wajen ɗauka kuwa, lissafin nan yana faɗa maka sararin da za ka bari. Tunda digiri 2 yana iya cin har fiksel 216 a gefen hoto mai faɗin 6000 da 199 a tsawon 4000, kada ka ajiye kan mutum, ƙafarsa ko hancin jirgi a cikin kashi 5 na bakin firam idan da hannu kake ɗauka. Kunna layukan raga a fuskar waya ko kyamara, da ma'aunin daidaito idan tana da shi, wanda ke aiki kamar ma'aunin ruwa na magina. Idan kuma kana cikin kwale-kwale ko mota mai tafiya, inda karkacewar kan kai digiri 4 ko 5, sararin da za ka bari a kowane gefe ya kai kashi 10.